Wa Ya San Ka? Yadda Ake Karɓar Shaidar Kwastoma, a Mai da Ita Hujja

Duk wanda ke sayar da kaya ta waya ya san inda ciniki yake tsayawa. An ga hoto, an yi farashi, an daidaita, sai ka turo lambar Momo, daga nan kuma shiru. Mutumin bai fasa son kayan ba. Tambaya ɗaya ce ta tsaya masa a rai, wadda kunya ta hana shi furtawa: wa ya san ka? In na tura kuɗina Akra, daga Yendi ko Bawku ko Jamus, wa zan riƙe in kaya bai zo ba?

Ni kayan sauti nake sayarwa a Zongo Lane: amfilifaya, lasifika, makirfo, wayoyi da sauran tarkacensu. Na fi shekara talatin a layin nan, kuma a yau rabin cinikina da mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba nake yi. Abin da ke buɗe mini ƙofa wurinsu shi ne bakin waɗanda suka riga su saye. Yadda ake karɓar wannan shaida, da inda ake ajiye ta, da abin da ke ɓata ta, shi nake so mu tattauna.

Aikin da mai gida yake yi a da

Abin nan ba sabo ba ne a wurinmu. Zamanin fataucin goro tsakanin Kano da Salaga, baƙo ba ya shiga kasuwa da ƙafarsa kai tsaye. Gidan mai gida yake sauka. Mai gida ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, in kuma za a ba da kaya bashi, shi ne zai tsaya lamuni. Kalmarsa ta “na san shi” ita ce jarinsa, don in ya tsaya wa macuci sau ɗaya, fatake sun bar gidansa ke nan. A kan wannan tsari zangunanmu na Akra suka ginu, tun daga Malam Nenu, mutumin Katsina da ya zauna a tsakiyar garin a ƙarshen ƙarni na 19, har ɗansa Malam Baƙo da ya kafa Sabon Zongo, har zuwa Nima da Mamobi da suka zo daga baya.

A lura da abin da ya sa maganar mai gida take da nauyi. An san shi, an san gidansa, kuma yana da abin asara in ya yi ƙarya. Waɗannan ukun su ne ma'auninmu har gobe. Shaidar kwastoma da za ka ɗora a wayarka tana da amfani gwargwadon yadda ta nuna cewa akwai mutum na gaske a bayanta, a wuri sananne, wanda za a iya tambaya. Shaidar da ba ta da waɗannan, ado ce kawai.

Wa ake tambaya, kuma yaushe

Mafi yawan 'yan kasuwa a bakin shago suke neman yabo, lokacin da ake ɗaure kaya. To, me mutumin zai ce a lokacin? Bai kunna ba, bai gwada ba. Iyakar abin da zai ce shi ne “Alhaji mutumin kirki ne.” Wannan gaisuwa ce, kuma mai shakka a Hambog ba zai tura sidi dubu takwas saboda gaisuwa ba.

Kowane kaya yana da ranar da yake nuna halinsa. Atamfa sai an wanke ta, an ga ko ta zuba. Wayar hannu sai ta yi mako, an ga yadda batir yake riƙe caji. Batirin sola sai ya yi wata. Kayan sauti na masallaci kuwa, ni sai an yi Juma'a biyu da su nake buɗe baki. Dalili shi ne ranar Juma'a ce amfilifaya take aiki mafi tsawo, cikin zafin rana, daga wa'azi har a idar da salla. In akwai matsalar haɗin waya ko zafi, ranar take fitowa. Juma'a ta biyu kuma tana nuna cewa ta farko ba sa'a ba ce.

Kada kuma a daɗe. In ka bari wata uku suka wuce, daɗin ya huce, mutum ya manta tsoron da ya ji kafin ya biya, ga shi kuwa wannan tsoron shi ne gishirin shaidar. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Ni a littafin shago nake rubuta ranar da zan kira, kusa da ranar da kaya ya tashi. Kuma kiran farko ba na neman shaida ba ne. Tambaya ce: “Ya kaya? Akwai abin da ya dame ku?” In akwai matsala, gyara ya zama aikina, maganar shaida kuma ta jira. In ya ce lafiya lau, har ya fara yabo da kansa, to ƙofa ta buɗe.

Wata shaida daga Yendi, daga farko har ƙarshe

Bari in kawo misali guda, mu bi shi daki-daki. Kwamitin wani masallaci a Yendi ya sayi amfilifaya mai wat 240, da lasifikan ƙaho huɗu na saman hasumiya, da makirfo biyu, da nadin waya ɗaya. Ma'ajinsu, wani dattijo da ya girme ni, shi ya turo kuɗin ta Momo bayan kwana shida yana kai-komo. Na sa kayan a motar Tamale ranar Litinin, na tura masa hoton takardar mota, ɗansu ya karɓa ranar Talata, aka haɗa ranar Alhamis.

Bayan Juma'a ta biyu, ranar Asabar da hantsi, na kira shi. Muka gaisa, na tambayi jama'a, na tambayi kaya. Ya ce, “Alhaji, har ƙauyen da ke bayanmu suna jin kiran asuba.” Sai na ce, “Baba, ina da roƙo. Akwai masu son saye daga nesa, suna jin tsoron da kuka ji. In ba damuwa, ka yi mini saƙon murya gajere, da bakinka, ka faɗi abu uku: me kuka saya kuma a wane wata, me ya sa kuka yi jinkirin biya, sannan me kuka gani bayan kaya ya zo. In akwai abin da bai yi muku ba, shi ma ka faɗa.”

Waɗannan tambayoyi uku su ne dukan dabarar. Ta farko tana ba shaidar ƙafafu, wato kaya da lokaci da wuri. Ta biyu tana sa mai sauraro ya ji kansa a ciki, don shi ma tsoron da yake ji ke nan. Ta uku ita ce amsar tsoron. Ban rubuta masa abin da zai faɗa ba, kuma ba na yi wa kowa haka. Shaidar da aka haddace ana jin ta, kamar yaro yana biya allo.

Ga abin da ya turo, cikin daƙiƙa arba'in da 'yan kai: “Assalamu alaikum. Ni ne ma'ajin masallaci a nan Yendi. A watan Rajab muka sayi inji da ƙaho huɗu wurin Alhaji na Zongo Lane. Gaskiya mun ji tsoro, don kuɗin jama'a ne, kuma an taɓa cinye mana kuɗi a waya. Mun biya Lahadi, kaya ya iso Talata. Makirfo ɗaya ya zo da wayarsa a kwance, muka gaya masa, ya sako wata a mota bai karɓi ko kwabo ba. Yau mako biyu muna aiki da su lafiya.”

Wani zai ce a yanke maganar makirfo. Ni kuwa ita ce na fi so a duk saƙon. Mai saye daga nesa ya san kaya yana iya zuwa da matsala. Abin da yake son sani shi ne, in hakan ta faru, za ka ɗauki waya ko za ka kashe ta? Dattijon ya amsa masa wannan ba tare da na ce uffan ba.

A lura kuma bai ambaci farashi ba, don na roƙe shi kada ya ambata. Kayanmu da dala ake shigo da su, sidi kuma yau sama gobe ƙasa. Shaidar da ke ɗauke da farashin bara, rigima za ta jawo maka bana.

Izini, kafin komai ya fita

Da saƙon ya iso, sai na sake kiransa. Cewa mutum ya turo maka murya ba ya nufin ya yarda duniya ta ji. Na tambaye shi abu huɗu, ɗaya bayan ɗaya. In tura wa masu tambaya su kaɗai, ko in sa a inda kowa zai gani? In ambaci sunansa, ko in ce ma'ajin wani masallaci a Yendi? In sa hoton hasumiyar da ƙahonin? In wani ya nemi ya yi magana da shi, in ba da lambarsa?

Ya yarda da na farko da na uku. Suna ya ce a bar shi. Lamba kuma ya ce in fara sanar da shi duk lokacin da wani ya nema. Na ce ya maimaita wannan a saƙon murya, na ajiye. Wannan ladabi ne da muka gada, kuma doka ce: Gana tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012, wadda ake kira Act 843, kuma suna da lambar waya da hoton mutum duk suna cikin abin da ta kare. Ga 'yan uwa mata masu sayar da atamfa da turare da kayan ɗaki, wannan ya fi muhimmanci. Kwastomarki tana iya yarda a rubuta maganarta, amma ba ta so a ji muryarta ko a ga fuskarta. Sai ki tambaye ta a fili, ki tsaya inda ta tsaya.

Akwai kuma ɓarnar da hoton allon waya yake yi. In ka ɗauki hoton hirarku ta WhatsApp, sunan mutum ko lambarsa da hotonsa suna can sama. In saƙon Momo ne, akwai cikakken suna, da lambar ciniki, da ragowar kuɗin da ke asusu. Wannan abinci ne ga 'yan damfara, su kira kwastomanka su ce daga shagonka suke. A yanke saman hoton, a goge lambobi sarai. Saƙon Momo kuwa kada a sa shi sam. Ba ya ma tabbatar da komai, tunda kowa ya san macuta suna ƙirƙirar irinsa. Saƙon murya ya fi aminci ta wannan fuska: in ka tura shi gaba, WhatsApp yana nuna alamar Forwarded, amma ba ya nuna lambar wanda ya yi shi.

Inda ake ajiye ta

Shaida guda, wuri uku nake kai ta, kowanne da aikinsa.

Na farko WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018, kuma kyauta ne. Mutane da yawa a Status kaɗai suke sa shaida, alhali Status awa 24 yake yi ya ɓace, kuma sai wanda kuka ajiye lambar juna yake ganinsa. Baƙon da ya samo lambarka yau ba zai ga komai ba, ga shi kuwa don shi aka nemi shaidar. Wurin da baƙo yake gani shi ne shafin bayanin shagonka da kuma Catalog. Don haka a Catalog, a kan amfilifaya mai wat 240 ɗin, na ƙara hoton hasumiyar Yendi cikin hotunan kayan, na rubuta jimla biyu daga maganar dattijon a ƙasa, da sunan garin da watan da shekarar. Shaida kusa da kayan da take magana a kai ta fi tasiri a kan tarin yabo a gefe guda.

Na biyu shi ne cikin hira, a daidai lokacin da ciniki ya tsaya. Wata huɗu bayan na Yendi, wani ɗan Nima da ke zaune a Bronx ya so ya saya wa masallacin garin mahaifiyarsa a wajen Bawku irin kayan nan. Muka daidaita, sai shiru na kwana uku. Ban aika masa shaidu goma ba. Guda ɗaya na zaɓa, wadda ta yi kama da halinsa: masallaci, arewa, kuɗin amana, kaya ta mota. Na tura muryar dattijon, na ce, “Ɗan uwa, saurari wannan. In kana so ka ji daga bakinsa, sai in nemi izininsa.” Ya ce yana so. Na kira Yendi, Baba ya ce a ba shi. Suka yi magana, ban san me suka ce ba, washegari ƙaninsa ya zo shago da rabin kuɗin. Ka ga, aikin mai gida ke nan, sai dai ta waya.

Amma kada a gajiyar da mai shaida. Ni ba na tura wa mutum ɗaya masu kira fiye da biyu ko uku a shekara, kuma sai a babban ciniki. Alfarma ya yi maka, ba ma'aikacinka ba ne.

Na uku shi ne Google Maps, kuma dokarsa daban ce.

Taurarin Google da dokokinsu

In ka yi wa shagonka rajista a Google Business Profile, aka tabbatar da shi, wanda sau da yawa ta bidiyon shago da allonsa ake yi, duk wanda ya nemi sunanka zai ga taurari daga ɗaya zuwa biyar da abin da mutane suka rubuta. Ƙarfin wannan wuri shi ne ba kai ke riƙe da shi ba. Ba ka iya goge abin da aka rubuta, kuma mai karatu ya san haka. A cikin shafin akwai maɓallin Ask for reviews, wanda zai ba ka mahaɗin da za ka tura wa kwastoma. Sai yana da asusun Google zai iya rubutawa, amma mafi yawan masu wayar Android suna da shi ko ba su sani ba. Kuma da Hausa ma ana iya rubutawa.

Abu biyu Google ya haramta waɗanda mu a kasuwa muke ɗauka ba komai ba ne. Na ɗaya, ba da lada don a rubuta: ragi, kati, ko gyara. Na biyu, zaɓen waɗanda suka ji daɗi su kaɗai a tura musu mahaɗin. Don haka ni na raba. Shaidar murya ina neman ta wurin wanda ya gamsu, don tallata ce, kowa kuma ya san ni na zaɓa. Mahaɗin Google kuwa kowa nake tura wa, duk wanda ya saya, a rana ɗaya da kiran bin sawu. Maganar kyauta kuma, in al'adarka ce ka yi wa kwastoma gyara, yi masa lokacin ciniki, kada ka ɗaura ta a kan taurari.

Kada a sa rai da yawa. A littafina, cikin mutum goma da na roƙa, wajen shida suna turo murya, amma da ƙyar biyu suke rubutu a Google. Mutanenmu masu magana ne. Tuni ɗaya bayan mako ya isa, daga nan a bar mutum. Biyu-biyu ɗin nan in suka taru a shekara, sun fi hamsin da suka sauko dare ɗaya.

Ga kuma jarabar da ke yawo a Nima da Mamobi: yara masu cewa ka ba su sidi kaza su zuba maka taurari biyar-biyar, ko ka tara wayoyin 'ya'yanka da yaran shago a rubuta. Google yana da matattarar da ke cire waɗanda ya zarga, kuma yana iya hukunta shafin. A Amurka, tun Oktoba 2024, saye da sayar da shaidar ƙarya laifi ne mai tara, Birtaniya ma ta haramta shi a 2025, kuma can 'yan uwanmu da yawa suke kasuwanci. Ko ba wannan, mu mun san sunan abin tun muna makarantar allo: shaidar zur.

Mai saye ma yana ganewa, kuma ga yadda ake ganewa, don kai ma wata rana mai saye ne. Duba ranakun: in ashirin sun zo cikin mako ɗaya sannan shiru wata shida, akwai magana. Duba kalmomin: in duk “kaya mai kyau, mutumin kirki” ne, babu sunan kaya babu gari, hannu ɗaya ne ya rubuta. Taɓa sunan mai rubutun: in bai taɓa rubuta wa kowa komai ba, haka na biye da shi, haka na bayansa, to ka yi hattara. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

In aka ba ka tauraro biyu

Tunda kowa ake tura wa, wata rana za a rubuta abin da ba ka so. Ya faru da ni. Wani mai makarantar Islamiyya a Ashaiman ya rubuta cewa amfilifayar da ya saya tana zafi tana mutuwa bayan minti ashirin, ya ba ni biyu. Amsar da ake rubutawa a ƙasa, mutanen da za su karanta ta nan da shekara ake yi wa, don haka ba wurin zafin rai ba ne. Na rubuta: “Malam, mun gode da sanarwa. Gobe yaronmu zai zo ya duba. In daga injin ne, za mu canza.”

Yaron ya je ya tarar mai haɗin ya jera lasifika shida masu om takwas-takwas a kan mafita ɗaya, duk a haɗin gefe da gefe. Takwas a raba shida, om ɗaya da ɗan kai ke nan, alhali injin bai yarda a sauka ƙasa da huɗu ba. Dole ya yi zafi ya kashe kansa. Aka sake haɗin, matsala ta ƙare. Na ƙara layi ɗaya a amsata, na faɗi abin da aka samu da ranar da aka gyara, ban ɗora wa kowa laifi ba. Ban ce ya canza taurarinsa ba. Bayan kwana goma shi da kansa ya mai da su huɗu, ya rubuta cewa an zo har makaranta. Sau biyu masu saye suka gaya mini wannan rubutun ne ya sa suka kira ni. In kuwa wanda bai taɓa sayen komai wurinka ba ne ya rubuta sharri, akwai wurin kai ƙara a jikin rubutun, sannan ka amsa a natse cewa ba ka da wannan ciniki a littafinka, ya turo rasit.

Iyakar abin da shaida take iya yi

Shaida tana tsufa. Wadda ta wuce shekara biyu ina sauke ta daga Catalog, musamman in na daina kawo irin kayan ko na canza inda nake saro su. Ɗora tsohon yabo a kan sabon kaya yaudara ce, ko da kalmomin gaskiya ne. Haka in mai shaida ya ce a cire, ranar ake cirewa, ba a tambayar dalili.

Ana kuma satar ta. Macuci yana iya kwashe hotunanka da muryoyin kwastomominka, ya buɗe shafi da sunan da ya yi kama da naka, ya sa lambar Momo ɗinsa. Maganin da na sani shi ne a ɗaure shaidar da abin da ba ya ɗaukuwa. Ka roƙi mai shaida ya ambaci sunan shagon da layin a cikin muryarsa. Ka rubuta sunan shago da lambarka a tsakiyar hoto, inda ba a iya yankewa. Sunan da ke fitowa in an sa lambar Momo ɗinka ya zama shi ne a allon shago da shafinka, ka kuma gaya wa kowane mai saye ya duba sunan kafin ya sa lambar sirri. A shafin ka sa adireshin GhanaPost GPS na shagon, don mai ɗan uwa a Akra ya aiko shi ya gani da ido. Gani ya kori ji.

Ga wanda zai fara a makon nan, ba sai da dogon shiri ba. Buɗe littafinka, ka fitar da mutum biyar da suka saya tsakanin mako biyu da wata biyu da suka wuce. Kira su ka tambayi kaya. Wanda ya kawo kuka, gyara masa. Wanda ya gamsu, yi masa tambayoyin nan uku, ka nemi izini a kan suna da hoto da lamba, ka ajiye amsarsa. In uku suka turo, ka rarraba su bisa irin kaya da gari, don ranar da wani ya yi shiru bayan ka tura lambar Momo, ka san wacce za ka ɗauko masa. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka.